Kurakuran da ma'aikata suka fi yi wajen lissafin harajin albashi na shekara

Jama'a, yawancin ma'aikata a nan Zariya in ka tambaye su nawa ake cire musu haraji a shekara sai su ce "wallahi ana dai cirewa", shi ke nan. Kuma lissafin nan ba wani abin wahala ba ne, takardun albashinka na wata-wata da kalkuletar waya sun ishe ka, matsalar dai akwai wuraren da mutane ke yawan zamewa. Bari mu ɗauki misalin ma'aikaci ɗaya mu bi shi har ƙarshe.

A ce Malam yana aiki a wani kamfani, yana haya a Samaru. A takardar albashinsa ta kowane wata akwai besik naira 150,000, alawus na gida 60,000, na mota 40,000, sauran alawus-alawus 50,000. Jimla 300,000. Sau ɗaya a shekara kuma ana ba shi kuɗin hutu 180,000.

Kuskuren farko, kuma shi ya fi yawa, mutum ya ɗauki alat ɗin da ya shigo masa ya ninka sau 12. To ai alat saura ne, an riga an zare harajin kansa, an zare fansho, an zare kuɗin ƙungiya, ga bashin kwafaretib na shinkafar azumi da ragon layya duk an kwashe. Hukumar haraji babu ruwanta da bashin da ka ci, daga jimlar da ke sama ake farawa, inda aka rubuta Gross. Kuma ko jimlar ma kar ka ɗauki takardar wata ɗaya ka ninka, ka tara duka sha biyun ka haɗa, don watanni ba sa zuwa iri ɗaya, wani watan akwai ariyas, wani an yi maka ƙarin girma a tsakiyar shekara, wani kuɗin hutu ne ya faɗo. Na Malam 300,000 sau 12 ya ba da 3,600,000, a ɗora kuɗin hutu ya zama 3,780,000. Wannan ne kuɗin shigarsa na shekara.

Akwai masu cewa ai besik kawai ake wa haraji, alawus kyauta ne. Ina! Alawus na gida, na mota, na abinci, bonas, kuɗin hutu, duk suna ciki. Abin da ba ya shiga shi ne kuɗin da aka mayar maka saboda ka kashe a kan aikin ofis, kamar an aike ka Kaduna ka biya mota daga aljihunka ka kawo rasit aka biya ka.

Daga nan sai a zare abin da doka ta yarda a zare kafin haraji. Fansho kashi 8 cikin 100 ne a dokar tarayya ta 2014, amma ba na jimlar albashi ba, na besik da alawus na gida da na mota ne, nan ma ana yawan zamewa. Na Malam ukun nan sun kama 250,000, ke nan 20,000 a wata, 240,000 a shekara. In ana cire maka kuɗin asusun gidaje, wanda ake rubuta NHF, shi kashi 2.5 na besik ne, nasa 3,750 a wata, 45,000 a shekara. Kai dai ka ɗauki ainihin adadin da ke kan takardarka, don tsarin wurin aiki yakan bambanta. Kuɗin inshorar lafiya ma ana zarewa, shi dai Malam ba ya ciki.

Yanzu ga inda tsofaffin hannu ke faɗawa. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2025 ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, kuma ta soke tsohon rangwamen nan na CRA, wato 200,000 da kashi 20 na albashi da ake fara warewa a da. Har yanzu za ka ga wani ya zauna yana lissafi da shi, da tsoffin matakan nan masu farawa daga kashi 7, amsar da zai samu ta shekarun baya ce. In 2025 kake dubawa, to, tsohon tsarin ne daidai, amma daga 2026 rangwamen haya ne ya shigo: kashi 20 na kuɗin hayar da ka biya a shekara, kuma ba ya wuce 500,000 ko da gidanka a Ji'ar'e yake. Malam yana biyan 400,000, rangwamensa 80,000. Wanda ke zaune a gidan gado a cikin birni ko ya gina nasa, ba shi da wannan, haƙuri kawai. Kuma ba ya zuwa da kansa, sai ka bayyana hayar, don haka ka riƙe rasit da takardar yarjejeniya, in mai gidanka irin masu karɓa hannu da hannu ne ka lallaɓa shi ya rubuta maka.

Wani abu kuma, 80,000 ɗin nan ba daga haraji ake cire ta ba, daga kuɗin da za a yi wa haraji ne. Abin da ta rage wa Malam a zahiri 14,400 ne, kar ya je ofishin akanta yana ta da jijiyar wuya wai a ba shi dubu tamanin.

Mu haɗa: 240,000 da 45,000 da 80,000 sun zama 365,000. A cire daga 3,780,000, saura 3,415,000. Wannan ne kuɗin da haraji zai hau kansa.

Babban kuskuren da ke sa mutane hawan jini shi ne a ɗauki kaso ɗaya a maka wa kuɗin gaba ɗaya. Mutum ya ji an ce wanda ya wuce miliyan 3 kashi 18 zai biya, sai ya buga kashi 18 na 3,415,000 ya ga 614,700 ya fara salati. Ba haka ake yi ba, hawa-hawa ne, kowane yanki da kasonsa. Naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta ko kwabo, kuma wannan na kowa ne har manaja. Sai 2,200,000 da ke biye kashi 15, wato 330,000. An kai miliyan 3 ke nan. Abin da ya hau sama, har zuwa miliyan 12, shi ne kawai ake wa kashi 18, na Malam 415,000 ne, harajinsa 74,700. Jimlar harajin shekara 404,700, ka ga an samu bambancin 210,000 da wancan lissafin na firgici. Shi ya sa maganar nan da ake yi wai ƙarin albashi zai jefa ka wani mataki ka koma karɓar ƙasa da na da ba ta da tushe, ƙarin ne kawai ake yanka da sabon kaso. Akwai matakan kashi 21 da 23 da 25 a sama, masu su sun san kansu.

Sai ka koma kan takardun nan sha biyu ka tara layin da aka rubuta PAYE, wato harajin da aka cire maka a kowane wata, ka gwada da amsarka. Kar ka tsorata in watanni ba su zo daidai ba. Wani ofishin zai raba 404,700 gida 12 ya riƙa cire 33,725 kowane wata, wani kuma zai cire 31,025, watan da kuɗin hutu ya shigo ya ƙara 32,400, duk jimlar ɗaya ce. In ka ga an cire wa Malam 419,100, to ba a sa masa rangwamen haya ba ne, 14,400 ɗin nan ce bambancin. In ratar ta fi haka ka fara duba ko sun zare fansho kafin su yi lissafi, ko akwai ariyas ɗin da kai ka manta.

In ka tabbatar an cire fiye da ƙima, ka fara da sashen albashi na wurin aikinka, ka je da kwafin takardun da rasit ɗin haya da lissafinka a rubuce. In ba a gyara ba sai hukumar haraji ta jihar Kaduna, KADIRS, don harajin albashin mazaunin Zariya can ake kai shi ko da hedikwatar kamfaninku a Legas take.