Yadda ake rage jinkirin shigowar saƙo a waya mai matse batir

Mai shago a kasuwar Wunti da ke Bauchi ya san wannan damuwa: mai saye ya ce ya tura kuɗi, waya na aljihu shiru kake ji, sai an buɗe manhajar banki sannan alat ya faɗo, saƙonnin WhatsApp su biyo baya a jere. Nan take a ɗora wa sabis laifi, alhali sau da yawa wayar ce ta kwantar da manhajar don batir ya kai dare.

Ga yadda abin yake. Yawancin sanarwa a Android ta hanya guda suke shigowa, ta Google Play services, wanda ke riƙe da layi a buɗe dare da rana, idan saƙo ya zo ya tashi manhajar da ke da shi. Tun Android 6, a 2015, akwai tsarin Doze: idan allo ya mutu, waya na ajiye kuma ba ta jikin caji, sai a riƙa toshe wa manhajoji intanet, ana buɗewa jefi-jefi. Saƙon gaggawa yana ratsa Doze, don haka shi kaɗai ba ya cika yin ɓarna. Babbar matsalar ita ce ƙarin da masu ƙera waya ke yi a kansa, inda suke kashe manhajar ɗungurungum su hana ta tashi da kanta. Manhajar da aka kashe haka ba ta karɓar komai sai ka taɓa ta da hannunka.

Kafin ka canza komai, gwada. Cire wayar daga caji, domin Doze ba ya aiki tana caji, ka kulle ta ka ajiye kamar rabin awa. Sa wani ya turo maka saƙon WhatsApp, ka duba a wayarsa. Idan alama ɗaya ce ta tsaya, ta koma biyu da ka kunna allonka, saƙon bai iso ba ke nan, aikin batir ne ko data. Idan biyu ta nuna tun farko amma ba ka ji ƙara ba, saƙo ya iso, sai ka duba Notifications na manhajar ko Do Not Disturb.

In ta farkon ce, shiga Settings, sai Apps, ka zaɓi manhajar, ka taɓa Battery, ka mai da shi Unrestricted. A tsofaffin wayoyi sunansa Battery optimization, ka zaɓi Don't optimize.

Mataki na biyu shi aka fi tsallakewa, kuma a wurinmu shi ya fi muhimmanci tunda Tecno da Infinix ne suka cika hannun mutane. Buɗe Phone Master, nemi Auto-start management, ka ba manhajar izinin tashi da kanta. A Redmi sunansa Autostart, sannan ka sa batir ɗin manhajar a No restrictions. A Samsung kuwa, ƙarƙashin Background usage limits, cire ta daga Sleeping apps da Deep sleeping apps. Wurin da waɗannan suke yana ɗan sauyawa daga waya zuwa waya, sai ka rubuta sunan a gurbin bincike na Settings.

Daga nan koma shafin manhajar ka tabbata Background data a kunne yake. Mai lallaɓa data yakan kunna Data Saver, to a nan ma sai ka ba manhajar Unrestricted data.

Sai ɗabi'ar hannu. Da yawa cikinmu mun saba da zarar mun gama sai mu share duk manhajojin da ke buɗe, ko mu danna madannin goge waya wai don ta yi sauri. A wasu wayoyin wannan sharewa daidai take da kashewa. Buɗe jerin manhajojin baya-bayan nan, ka sa wa ta banki da WhatsApp alamar kwado, sharewa za ta tsallake su.

Kada ka yi wa kowace manhaja wannan gata. A garin da wuta ba ta zama, batir abin tattali ne, biyu ko uku da abincinka ya rataya a kansu sun isa. Ka kuma sani cewa Ultra power saving, wanda ake kunnawa idan batir ya yi ja, yakan tsayar da kusan komai in ban da kira da saƙon tes, duk saitin da ka yi ba zai yi tasiri ba sai ka fita daga cikinsa.

Bayan ka gama, maimaita gwajin rabin awan nan. Idan WhatsApp ya daidaita amma alat na ci gaba da makara, mai yiwuwa jinkirin daga can inda ake turowa ne, in haka ne kuwa babu saitin da zai gyara shi. A irin wannan hali buɗe manhajar banki ka ga kuɗin a asusunka kafin ka miƙa kaya.