Yadda ake tsara daren sabunta manhajar bayanan marasa lafiya

Asibiti ba ya rufewa, don haka aikin farko shi ne gano sa'o'in da aka fi ƙarancin taɓa kwamfuta. Duba tarihin shiga manhajar na wata guda, sannan ka zauna da shugabar nas-nas, mai kula da ɗakin magani da na ɗakin gwaji. Su suka san lokacin rabon maganin dare da na asuba. Galibi tsakanin ƙarfe 1 da 5 na dare a tsakiyar mako ya fi. Daren Lahadi kuwa ka guje shi, don cunkoson safiyar Litinin ba zai bar ka ka gyara kuskure ba.

Daga nan ka gwada aikin duka a kan saba ta gwaji, wato kwamfutar da aka ware don gwada manhajar, da agogo a hannu. Abin da aka fi mantawa shi ne auna tsawon lokacin komawa tsohuwar manhaja, alhali a kansa lissafin ya rataya. A ce asibitin yana amfani da manhajar OpenMRS. Ɗaukar kwafin ajiya ya ci minti 20, sabuntawa minti 50, dubawa minti 30, maido da tsohon kwafi minti 90. In za a buɗe ƙarfe 5, ka cire minti 90 ɗin, ka ƙara cire rarar minti 30. Ke nan ƙarfe 3 ne iyaka: in abu bai daidaita ba a lokacin, a koma, ko da injiniya na rantsuwa saura kaɗan. Mutum ɗaya za a ba ikon yanke wannan hukunci, a rubuta sunansa tun da rana. Sabuntawa kan sauya tsarin rumbun bayanan kansa, shi ya sa mayar da tsohuwar manhajar kaɗai ba ya isa, sai an maido da rumbun ma.

Kafin ƙarfe 1, a buga wa kowane ɗaki jerin majinyata, magungunansu da abin da jikinsu ba ya karɓa. Ɗakin haihuwa da sashen gaggawa su sami fom na takarda da lambobin wucin gadi don sababbin zuwa. A kuma tabbatar akwai dizal a janareta.

Sai an fitar da kowa daga manhajar sannan a ɗauki kwafi, in ba haka ba duk abin da aka shigar bayansa zai ɓace idan aka koma:

```
mysqldump -u root -p openmrs > kafin_sabuntawa.sql
```

Bayan sabuntawa, nas da mai ba da magani su gwada da hannunsu: neman fayil, rubuta magani, buga sakamakon gwaji. In sakamakon ɗakin gwaji bai bayyana a fayil ba, aikin bai kammala ba. Da an buɗe, a fara shigar da magungunan da aka bayar cikin dare, kafin masu aikin safe su karɓa, don kada a maimaita wa majinyaci allura.