Wasa da kalma mai harshen damo: inda ake kuskure har dariya ta koma tsaki

Kusan kowace fada a Tawa ko Yamai akwai mutum guda wanda da ya fara wasa da kalma sai ka ji an ce "kai dan Allah" tun bai ƙarasa ba, kuma akwai wani da zai jefa magana ɗaya tak a ɗan yi shiru sannan kowa ya fashe da dariya har mai shayi ya aje buta. Hausa ɗaya suke ji, kalmomin ma su ɗin ne dai. Abin da ya raba su shi ne na biyun baya sakin kalma sai ma'anoninta biyu duk sun zama gaskiya a wurin, a wannan lokacin, shi kuwa na farkon da ya ji kalma ta yi kama da wata shikenan ya samu abin faɗi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi a hankali. A ce watan azumi ne, an yi kiran magariba ana buɗe baki a ƙofar gida, an fito da kunu a roba kowa ya ɗiba, sai ga wani ya iso a makare ya tarar an side robar tas. Ya zauna ya ɗaure fuska baya ma kowa magana. Sai taubashinsa ya dube shi ya ce: "Ikon Allah, duk wurin nan kai kaɗai ne baka samu kunu ba, kuma kai kaɗai ka sha kunu."

Me ya sa wannan ke aiki? Duk mai jin Hausa ya san sha kunu biyu ne, akwai na ludayi akwai na fuska, wato ɗaure fuska. Amma kunnen mutum baya ɗaukar ma'ana biyu lokaci guda, wadda wurin ya fi nunawa ita yake fara cafkewa, kuma a nan ga roba ga ludayi ga azumi, dole kunun sha ne zai fara zuwa ma kowa a rai. To sai maganar ta ƙi zama, ta yaya wanda bai samu ba zai zama shi ya sha? Nan ne mai saurare zai koma baya da sauri ya nemi wata hanya, idonsa ya sauka kan fuskar mutumin, sai ma'ana ta biyu ta faɗo masa. Wannan ɗan shirun da ake yi kafin dariya shi ne lokacin komawa bayan, kuma daɗin duka yana cikin cewa shi da kansa ya gano, ba wanda ya nuna masa. Shi ya sa dole sai kalma ɗaya mai fuska biyu, in kalmomi biyu ne daban kunne ba zai taɓa bin hanyar farko ba balle ya juyo.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma wallahi shi ne ya fi kashe wasa, shi ne a yi shi alhali ma'ana ɗaya ce kawai ke tsaye. Ka ɗauki maganar nan ka kai ta tasha da rana tsaka, ba azumi ba kunu, ka ga wani ya ɗaure fuska ka ce "aboki kunun gero ka sha ko na tsamiya?" Ba wanda zai yi dariyar kirki, don kunun sha ba shi da abin da ya kawo shi wurin, kai ne ka jawo shi da ƙarfi dan kawai ka nuna ka san kalmar na da ma'ana biyu, abin da yaron firamare ma ya sani. Haka in ka juya, mutum na shan kununsa yana fara'a ka ce "yau ka sha kunu", babu fushin da za a gani a fuskarsa, maganar ta tafi a banza. Gyaran mai sauƙi ne amma yana son haƙuri: kafin ka furta, ka cire kalmar ka sa kowace ma'ana a gurbinta ka ji. "Kai kaɗai baka samu kunu ba" gaskiya ne. "Kai kaɗai ka ɗaure fuska" shi ma gaskiya ne. In ɗaya daga ciki ta fito ƙarya ko bata da alaƙa da abin da ke gabanku, ka haɗiye wasan ka jira ranarsa. Mai garuwa da ya tarar an ɗauke ruwa a famfo, jarkokinsa duk wayam, ana rigima kan layi aka ce ya sa baki ya ce "ni yau babu ruwana", shi ma ta nan ya ci nasara, ko ta ina ka juya maganar daidai take.

Sai batun inda ake aje kalmar. Mutane da yawa suna da wasa mai kyau amma sai su fara da shi. Ji wannan: "Ka sha kunu fa, alhali kai baka samu kunun ba tunda ka zo a makare an riga an shanye." Abu ɗaya ne aka faɗa amma ya mutu, saboda kalmar ta fito tun farko kuma duk abin da ya biyo baya ya hau kanta ya danne, mai saurare yana so ya yi dariya kai kuma kana ta zuba. Kalmar mai harshen damo ita ce ta ƙarshe, daga ita sai ka rufe bakinka.

Rufe bakin nan ne wasu basa iyawa. Suna faɗi sai su ƙara da "ka gane? wai sha kunu, wato fushi". Da ka yi haka ka ƙwace ma mutane aikin da shi ne daɗin, kamar ka tauna goro ka miƙa ma baƙo. In an yi shiru ba a gane ba ka wuce kawai, sau da yawa ma can sai wani ya fashe shi kaɗai ya ja sauran.

Akwai wani kuskure da salula ta ƙara yawaita shi, kuma na ga bamu cika lura da shi ba. Rubutun boko baya nuna tsawon wasali kuma baya nuna hawa da saukar murya, dan haka kalmomi da yawa a rubuce kawai suke zama ɗaya. Gari da ake zama cikinsa wasalin farko gajere ne, garin tuwo kuwa ana jansa. Wuya na jiki murya sama take farawa ta sauka, wuya ta wahala ƙasa take farawa ta hau. Ga kuma masu rubuta baki da baƙi duk da k ɗaya saboda maɓallan wayarsu ba ƙugiya. To irin waɗannan a WhatsApp suna iya yin armashi, misali wani ya rubuta a gurup na dangi "ku taya inna murna ta samu jika" kowa ya hau barka yana tambayar mace ko namiji, can sai ya turo hoton takardar sefa 1000. A rubuce ya zauna daram, don ido ba shi da yadda zai raba jikan mutum da jikar kuɗi. Amma ka gwada faɗinsa da baki a Tawa inda ake cewa jikka, dole ka zaɓi ɗaya, in ka faɗi na kuɗi ba wanda ya ruɗe, in ka faɗi na mutum ka yi ƙarya, in kuma ka murɗe harshe ka tsaya tsakiya kowa zai ji ka murɗe, kuma wannan murɗewar ita ce ke kawo tsakin. Dan haka ka san wanne ne na rubutu wanne ne na baki. Na baki ka nemi kalmar da sautinta baya canzawa ko kaɗan, kuma Hausa cike take da su: ci na abinci da cin bashi da cin amana da cin jarabawa, sha na ruwa da shan iska da shan wahala, ciki, ido, hannu, zafi, nauyi. Waɗannan su ne kayan aikin gaske, ni dai a wurina sun fi masu kama a rubutu nesa ba kusa ba.

Wanda aka gaji da shi kuwa ba sai na daɗe a kai ba. "Miyar kuka ta sa ni kuka", "na je Wadata na dawo ba wadata", duk wanda ya ji rabin farko ya san ƙarshen, kuma in an san ƙarshen ba sauran komawa baya. Irin su sai dai in wani sabon abu ya faru da ya mayar da su gaskiya a ranar.

Na bar wanda ya fi damuna a ƙarshe, wato wasan da ma'anarsa ta biyu cin mutunci ce. Mu nan Nijar malamin lakwal mushe muke ce masa, daga faransanci, kuma kowa ya san ɗayan mushen na dabbar da ta mutu ba yanka. Ɗalibai sun daɗe suna wannan wasan a bayan ido, amma ka duba shi da gwajin da muka yi ɗazu: ma'ana ta biyu ba ta faɗi komai na gaskiya game da mutumin, zagi ne kawai aka lulluɓe, shi ya sa in aka yi shi gaban dattijon malami abin da ke biyo baya sunkuyar da kai ne. Ko wasan sha kunun ma, da kyansa da komai, ka lura taubashi na sa ya faɗe shi. Wasan taubasai a ƙasar nan yana da ƙa'idarsa, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, ko Bagobiri da Bazabarme, ko Bafulatani da Ba'are, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2014, kuma ƙa'idar ita ce an san wa ke da izinin tsokanar wa, wanda aka tsokana kuma yana da damar ramawa. In ƙanen mutumin ne ya faɗi maganar nan ga yayansa mai yunwar azumi, ko yaro ya faɗa ma baba, kalmomin basu canza ba amma mutanen wurin hankalinsu zai tafi kan rashin kunyar ne kafin ya kai ga kunun. In kana son wasan kuma ba ka da wannan izinin, ka juya shi kan abin da ya faru maimakon kan mutumin, ka ce "kunun yau dai da ƙyar ya ishe mu, baba a kawo maka shayi?" ka bar ma taubashinsa sauran, shi in ya faɗa har wanda aka yi dominsa sai ya saki fuska ya fara neman abin ramawa.