Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta takardar ba ma'aikaci motar kamfani a Legas

Takardar izinin da na fi cin karo da ita a ofisoshin 'yan kasuwarmu na Agege da Mile 12 ba ta wuce layi uku: "An ba wa ma'aikaci izinin amfani da motar kamfani a cikin Legas. Duk abin da ya faru shi zai ɗauki nauyi. Ya dawo da ita lafiya." Sai sa hannu, sai hatimi. Mai gida yana ganin ya ɗaure komai, alhali kowane layi a cikin ukun yana da ƙofar da za a fita ta cikinta ranar da aka samu matsala.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi. Mu ce kamfanin hatsi ne mai ofis a Agege, yana da ƙaramar mota Korola. Mai kula da sito ya roƙi aronta ranar Juma'a da yamma, matarsa ta haihu, yana so ya sayo ragon suna. Aka ba shi wannan takarda mai layi uku ya sa hannu. Ranar Asabar ya ga hidima ta yi masa yawa, ya miƙa wa ƙanensa makulli ya ce ya je kasuwar dabbobi ta Kara. A hanyar dawowa ƙanen ya daki bayan wata jif. Motar ba ta dawo ofis ba sai Litinin da azahar, tanki ya kusa ƙafewa, babu tayar safaya.

Kuskure na farko shi ne rubuta "ma'aikaci" da "motar kamfani" kamar kowa ya san su. Takardar ba ta ce shi kaɗai zai tuƙa ba, ta ce zai yi amfani da mota, kuma wanda ya aiki ƙanensa da ita ai amfani ya yi da ita. Abin ya fi haka nauyi idan aka zo kan inshora. Takardar shaidar inshora tana faɗin waɗanda aka yarda su tuƙa, yawanci mai inshorar da duk wanda ya ba izini, muddin yana da lasin mai aiki. To kamfani ya ba ƙanen nan izini ko bai ba shi ba? A kan wannan tambaya za a yi ta jan magana. Gyaran shi ne a rubuta cikakken sunan ma'aikacin, lambar lasinsa da ranar ƙarewarsa, da lambar motar, sannan a ƙara jumla ɗaya ƙarara: "Wanda aka ambata a sama shi kaɗai aka yarda ya tuƙa wannan mota. Ba zai ba kowa makullinta ba, ko ɗan uwa ko abokin aiki, sai da rubutaccen izinin manaja." A liƙa hoton lasin a bayan fom ɗin. Wanda ke karɓar fom ya duba ranar ƙarewa da idonsa, kada ya tsaya ga "ina da shi a gida".

Sai maganar "a cikin Legas". Duk wanda ya zauna garin nan ya san Legas ta baki daban take da Legas ta taswira. Kana wuce gadar Berger a kan babbar hanyar Ibadan ka shiga jihar Ogun, don haka kasuwar Kara, da Ibafo, da Mowe duk ba Legas ba ne a hukumance, duk da cewa yawancin mutanen da ke can a Legas suke neman abinci. Haka Sango Ota, wadda daga Agege ba ta da nisa. A ɗaya gefen kuma, Badagry da Epe duk cikin jihar Legas suke, kuma mai gidan da ya rubuta "a cikin Legas" bai taɓa nufin a kai motarsa kusa da iyakar Seme ba. Ka ga kalmar ta hana abin da ake nufin a bari, ta kuma halatta abin da ake nufin a hana. Maimakon haka a rubuta tafiyar da sunanta: "Daga Agege zuwa kasuwar Kara, jihar Ogun, da dawowa, domin ɗaukar rago ɗaya." A ƙara iyakar kilomita, a ce 80, a kuma rubuta adadin da mitar dashbod ke nunawa lokacin fita. Idan ta dawo ta ci kilomita 260, ba sai an yi rantse-rantse ba.

Dalilin tafiya ma a faɗe shi, aikin kamfani ne ko buƙatar kai. A hana ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi da sunansa, domin inshorar motar gida ba ta ɗaukar haya.

Layi na biyu shi ne wanda masu gida suka fi so, kuma shi ya fi rauni. "Duk abin da ya faru shi zai ɗauki nauyi" alkawari ne tsakanin kamfani da ma'aikacinsa. Mai jif ɗin da aka daka bai sa hannu a kai ba, bai kuma san da shi ba. Shi lambar mota zai bi, lambar kuma za ta kai shi ga sunan kamfani. A doka, idan ma'aikaci ya yi ɓarna yana cikin aikin da aka sa shi, ana iya kama mai gidansa da alhakin, kuma babu fom ɗin da zai goge wannan. Idan tafiyar ta buƙatar kansa ce, kamar ta ragon suna, kamfani yana da hujjar kare kansa, amma hujjar ba za ta tsaya da ƙafarta ba sai takardar ta nuna cewa tafiyar ta kansa ce. Takarda mai layi uku ba ta nuna komai ba.

Mu sa lissafi. Tun watan Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin ƙaramar inshorar motar gida naira 15,000 a shekara, wadda ke biyan ɓarnar dukiyar wani har zuwa naira miliyan 3. Ba ta biyan gyaran motarka ko sisi. Mu ce gyaran jif ya kai miliyan 4 da dubu 200, gyaran Korola kuma dubu 450. Ko inshora ta biya iyakarta, saura miliyan 1 da dubu 200 na jif, ga kuma dubu 450. Mai gida zai ce a cire a albashi. A nan kuma Dokar Ƙwadago ta shigo: sashe na 5 ya hana a ci ma'aikaci tara a albashinsa, ya ce cire kuɗin asarar da ya jawo da gangan ko da sakaci sai da rubutacciyar amincewar jami'in ƙwadago, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Wannan kariya ta ma'aikata irin su direba da magatakarda ce, ba ta manyan shugabannin ofis ba. Idan albashin mai kula da sito dubu 120 ne, iyaka dubu 40 ke nan a wata. Gyaran Korola kaɗai zai ci wata 12, na jif kuma wata 30. Wane ne zai zauna shekara uku da rabi yana karɓar guntun albashi? Barin aikin zai yi, kamfani ya tashi da takarda a hannu.

Saboda haka a daina jumlar "duk abin da ya faru", a raba alhakin gida-gida. Lalacewar da tsufan mota ta kawo, kamar batir ko kulochi, ta kamfani ce. Tarar da ta taso daga takardun mota, inshora da ta ƙare ko shaidar lafiyar mota, ita ma ta kamfani ce, tunda shi ke sabunta su. Tarar tuƙi ta mai tuƙi ce: shiga layin bas ɗin BRT a titin Ikorodu, tsallake jar danja, ajiye mota inda aka hana. Bin hannun da aka hana a ba shi layinsa daban, domin a ƙarƙashin dokar sufuri ta jihar Legas ta 2018 abin yana iya kaiwa ga kotu ta ƙwace motar gaba ɗaya, kuma gwamnatin jihar ta sha yin gwanjon motocin da aka ƙwace. Ga haɗari kuwa, a rubuta iyakar abin da ma'aikaci zai biya idan laifinsa ne, da yadda zai biya, bisa abin da doka ta yarda. Idan kamfani yana yawan ba da aron mota, ni shawarata ya yi babbar inshora mai biyan gyaran motarsa ma, sai ma'aikaci ya ɗauki kason farko da kamfanin inshora ke bar wa mai mota. Wannan kuɗi ne da mutum zai iya biya.

Akwai tarar da ba ta zuwa ranar da aka yi laifin. Kyamarorin titi a Legas suna ɗaukar lambar mota, sanarwar kuma ta iso ga mai motar daga baya. Idan fom ɗin bai da ranar fita da ƙarfe nawa, da ranar dawowa da ƙarfe nawa, ba yadda za a yi a san hannun wa motar take. A rubuta: "Duk tarar tuƙi da ta faɗa tsakanin lokacin fita da lokacin dawowa tana kan mai wannan izini, ko da sanarwarta ta zo bayan ya dawo da mota." A kuma faɗa masa abin da zai yi idan jami'an hukumar kula da zirga-zirga ta Legas, LASTMA, ko na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, suka tsare motar, ko aka yi karo: ya kira lamba kaza nan take, ya ɗauki hotuna, kada ya sasanta da kowa ko ya amsa laifi da sunan kamfani.

"Ya dawo da ita lafiya" kuwa, yaushe, a ina, a hannun wa? Mai kula da sito zai ce shi hutun ƙarshen mako aka ba shi, Litinin da azahar bai makara ba. Zai kuma ce bai taɓa ganin safaya a but ɗin ba, kuma wa zai ƙaryata shi tunda ba a duba ba? Gyaran a lokacin fita yake. Mutum biyu su zagaya motar, a rubuta yawan mai, a ƙirga safaya, jak, abin kwance taya, tukunyar kashe gobara, alamar gargaɗi mai kusurwa uku da takardun mota, a ɗauki hoton ɓangarorinta huɗu da waya. Lokacin dawowa a sake bin wannan jerin a kan takarda ɗaya. Jumlar ta zama: "Za a dawo da mota harabar ofis ranar Asabar kafin ƙarfe 7 na yamma, a miƙa makulli ga mai gadi, mai a tanki kamar yadda aka karɓa." Tunda Legas ce kuma gosulo ba ya shawara da kowa, a ba da sassaucin awa biyu ga wanda ya kira ya sanar, a kuma faɗi inda motar za ta kwana idan dare ya yi, cikin gida mai get ba bakin titi ba.

Yawancin fom a Legas da Turanci ake rubuta su, ma'aikatanmu da yawa kuma da Hausa suka fi ganewa. A karanta masa da harshen da yake ji, a rubuta a ƙasa cewa an yi haka, wanda ya karanta masa ya sa hannu a matsayin shaida. A yi kwafi biyu: ɗaya a fayil ɗin ofis, ɗaya a cikin mota tare da takardunta, don ya nuna a shingen 'yan sanda idan aka tambaye shi yadda aka yi motar kamfani ta zo hannunsa ranar Asabar da rago a baya.