Wata Nawa Bashin Zai Ɗauka? Kurakuran Da Na Gaji Da Gani

Kusan duk wanda ya zo in duba masa lissafin rance da magana ɗaya yake farawa: "Malam, dubu talatin zan iya biya a wata, ba zan iya wuce haka ba." Wannan magana ce ta mai hankali. A wurin gano watannin ne ake yin tuntuɓe, kuma tuntuɓen iri ɗaya ne kullum.

Babban kuskure shi ne raba uwar kuɗi da abin da za a riƙa biya. Ni ma shi ya kayar da ni. Na karɓi ₦500,000 a wani ƙaramin banki don in sayi injin niƙa, kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari a wata a kan abin da ya rage, ina biyan ₦30,000. Na raba 500,000 da 30,000, ya ba ni 16.67, na ce wata 17 ke nan. A kan wannan lissafi na yi wa ƙanena alkawarin kuɗin makaranta, na kuma shiga adashi. Da wata 17 ta cika na je a ba ni takardar sallama, sai aka nuna mini ana bina ₦173,576. Ba wanda ya cuce ni a lissafi. Dole na fita daga adashin, na kuma je gaban mahaifiyarmu ina ba da haƙuri, abin da har yau yake mini ciwo.

Ga abin da ban gane ba a lokacin. A watan farko ruwan ₦500,000 ya kama ₦15,000, saboda haka rabin abin da na biya ne kawai ya taɓa uwar kuɗi, saura ₦485,000. A wata na biyu ruwa ya zama ₦14,550, uwar kuɗi ta ragu da ₦15,450, saura ₦469,550. Haka bashin yake sauka, a hankali da farko, sai can wajen ƙarshe yake gudu. Ƙa'idar da ke ba da amsa kai tsaye ita ce:

```
n = -ln(1 - r*P/A) / ln(1 + r)
```

A nan n adadin watannin biya ne, P uwar kuɗi ce, A abin da kake biya a wata, r kuma ruwan wata ɗaya, wato 0.03 a nan. Maɓallin `ln` yana cikin kalkuletan waya idan ka buɗe ɓangaren kimiyya. A nawa bashin r*P/A ya zama 0.5, sama ya ba da 0.6931, ƙasa 0.02956, amsa 23.45. Wata 24 ke nan: sau 23 ina biyan ₦30,000, na ƙarshe kimanin ₦13,603. Jimilla ₦703,603. A Excel ko Google Sheets layi ɗaya ne:

```
=NPER(3%, -30000, 500000)
```

Kada ka zubar da ɗigon nan ka ce wata 23. Ko 23.05 ya ba ka, akwai biya na 24.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin shi ne ke mai da mutum bawan bashi. Mutane suna zaɓar abin da za su biya ba tare da sun fara duba ruwan watan farko ba. Wani matashi mai ɗinki ya zo da irin bashina sak, ya ce shi ₦15,000 zai riƙa biya don kada ya takura. Na ce masa, ɗan'uwa, ko shekara hamsin ka yi kana biya, ₦500,000 ɗin tana nan yadda take, ruwa kawai kake sharewa. Ya ce to zai ƙara dubu ɗaya. Muka buga ₦16,000, ya ba da wata 94, kusan shekara takwas. Da ₦20,000 wata 47 ne, da ₦30,000 wata 24, da ₦40,000 wata 16. Ku dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Rage dubu goma daga talatin ya kusa ninka wa'adin. Me zai sa mutum ya sa hannu a takarda bai yi wannan ninki ɗaya ba, uwar kuɗi sau ruwan wata? Minti ɗaya ba ya ɗauka! Idan biyanka bai wuce wannan adadi ba, NPER zai nuna maka `#NUM!`, kuma ba kwamfuta ce ta lalace ba, tana gaya maka ne bashin ba shi da ranar ƙarewa. Ni dai ɗabi'ata ita ce ba na yarda da biyan da bai ninka ruwan watan farko sau biyu ba. Ba doka ba ce, wasu za su ce na tsananta. Idan mutum ba zai iya kaiwa nan ba, ina ce masa ya rage uwar kuɗin da zai karɓa.

Sai batun irin ruwan. Duk lissafin da ya gabata ya tsaya ne a kan cewa ana ɗora ruwa bisa abin da ya rage. Wasu masu ba da rance suna ɗora shi a kan kuɗin farko har ƙarshe, ko ka biya rabi. Idan haka ne, kowane wata ₦15,000 ruwa ne, ₦15,000 uwar kuɗi, saboda haka 500,000 a raba da 15,000, wata 34. Kashi 3 ɗin nan dai, amma bambancin wata goma. Ka tambayi ma'aikacin baki da baki: "A kan ragowa kuke ɗora ruwa ko a kan kuɗin farko?" Ni ban ma tsayawa a amsarsa, jadawalin biya nake cewa a buga mini, in duba ko ruwan wata na biyu ya yi ƙasa da na farko.

Ƙananan kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Idan an ce ruwan shekara kashi 36 ne, a raba shi 12 kafin a sa a ƙa'ida. A rubuta 3% ko 0.03, ba 3 zalla ba. Idan ka mance alamar ragi a gaban 30000, NPER zai ba ka -13.72, kuma na ga masu goge alamar su ce wata 14 ne, alhali amsar ba ta da alaƙa da bashinsu. Idan an ba ka hutun wata uku kafin ka fara biya kuma ruwa na taruwa, P ɗinka ya zama ₦546,364, biya 27 ke nan, wata 30 gaba ɗaya. Idan an cire kuɗin takardu tun farko, da abin da aka rubuta ana binka za ka yi lissafi, ba da wanda ya shiga hannunka ba.

Akwai inda rabawa kai tsaye take daidai, kuma da yawanmu can muka fi karkata saboda gudun riba. Idan rance ne na taimako ba ƙari, ko murabaha inda banki ya sayi injin ya sayar maka a farashin da aka yanke tun farko, jimillar ba ta motsi. An yanke ₦600,000, kana biyan ₦30,000, wata 20 ne. Sai dai a murabaha yawanci ribar da ake yankewa tana bin tsawon wa'adi, don haka ka faɗi abin da za ka iya biya kafin a tsayar da farashi.

Ko da wace hanya aka samu amsa, ni sai na ɗauki biro na rubuta wata uku na farko da hannu: ragowa, ruwa, biya, sabuwar ragowa. Sannan in gwada da jadawalin banki. Idan suka saɓa ko da naira ɗari ne, ba na sa hannu sai an nuna mini inda ta fito.