Takardar amincewa da tiyatar haihuwa: kurakuran da aka fi yi wajen mayar da ita Hausa

Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ɗora wa ma'aikacin lafiya a Najeriya nauyin sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗarin kowacce, da kuma 'yancinsa na ƙin amincewa. Ya ƙara da cewa, gwargwadon iko, a yi bayanin da harshen da mutum yake ji, a kuma lura da matakin karatunsa. Mai fassara takardar amincewa da tiyatar haihuwa yana tsakanin buƙatu biyu ke nan: matar da ba ta yi nisa a boko ba ta fahimci abin da za a yi mata, sannan in an je gaban alƙali a tarar takardar Hausa ta faɗi daidai abin da ta asali ta faɗa.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari yana wajen kalmar "mahaifa". A bakin mutane da yawa mahaifa ita ce inda ɗa yake kwanciya, kuma ita ce abin da ke biyo jariri bayan haihuwa, wato mabiya, wadda wasu ke kira uwa. Takardar asali tana cewa idan jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, likita na iya cire mahaifar gaba ɗaya don ceton rai. In mai fassara ya rubuta "ana iya cire mahaifa" ya tsaya nan, mace za ta gyaɗa kai ba tare da wata damuwa ba, domin a saninta duk haihuwa ana fitar da mahaifa. Ta amince da abin da ba shi ake nufi ba. Gyaran shi ne a ambaci gaɓar, a kuma faɗi abin da zai biyo baya: "Idan jini ya ƙi tsayawa bayan an gwada sauran hanyoyi, likita na iya cire mahaifata, wato inda ɗa yake kwanciya. In aka cire ta ba zan sake ɗaukar ciki ba, kuma ba zan sake ganin al'ada ba." Mabiya kuwa a kira ta mabiya daga farkon takarda har ƙarshe. Wannan ƙarin bayani bai canza ma'anar shari'a ba, amma likita ya duba shi ya amince, kuma ya fi kyau a sa shi a takardar asalin ma don biyun su yi daidai.

Haka zancen "juya mahaifa", da mutane ke faɗa idan ana nufin ɗaure hanyoyin ƙwai don tsayar da haihuwa. Abin da aka juya ai ana iya juyo shi, kuma mata da yawa haka suke ɗauka. A rubuta ƙarara cewa aikin na dindindin ne, cewa al'ada za ta ci gaba da zuwa, kuma ya samu gurbin amincewarsa daban, kada a cusa shi cikin na tiyatar.

Sai batun yiwuwa. Tsakanin "zan zubar da jini da yawa" da "zan iya zubar da jini da yawa" kalma ɗaya ce, amma na farko hukunci ne, na biyu haɗari ne. Wani mai fassara kuma tausayi ke kai shi wajen sassautawa, sai ya rubuta "wata 'yar matsala" a inda asali ya ce rauni a mafitsara, ko ya tsallake layin mutuwa don kada hankalin mace ya tashi. Ina ganin wannan ya fi tsoratarwa muni, domin abin da aka ɓoye ba a amince da shi ba. Ana iya faɗin gaskiya da ladabi: "Ba safai yake faruwa ba, amma akan rasa rai a wannan aiki." Addu'a da kwantar da hankali suna da wurinsu a bakin likita da 'yan uwa, ba a cikin layin da ke ƙayyade haɗari ba.

Lambobi ma suna ruɗarwa. A ce takarda ta kawo haɗari guda a kashi 2 cikin ɗari, wani kuma 5 cikin dubu. Wanda bai saba da lissafi ba zai ga 5 ta fi 2, ya ɗauka na biyu ya fi yawa, alhali na farko ya ninka shi sau huɗu. A mayar da su ma'auni ɗaya, a kuma ƙirga mutane: "A cikin mata 1,000 da aka yi wa aikin, kimanin 20 sukan samu wannan, kimanin 5 sukan samu wancan." Kalmar "kimanin" ta zauna in tana cikin asali. Kada kuma mai fassara ya ƙara wata lamba daga kansa ko daga takardar wata ƙasa.

Akwai layin da ke ba likita damar yin ƙarin aiki in wani abu ya taso ana cikin tiyata. A takardar da aka tsara da kyau, damar tana da iyaka: abin da ya zama dole don ceton rai ko kare mummunar illa. Idan aka taƙaita shi zuwa "na yarda likita ya yi duk abin da ya ga ya dace", an buɗe ƙofar da asali bai buɗe ba. Haka nan "na amince" ba ya nufin "na yafe". Mutane da yawa sun riga sun ɗauka sa hannu a asibiti yana nufin duk abin da ya faru ba ruwan kowa, shi ya sa hannu ke rawa in an miƙo biro. Amincewa da haɗarin da aka bayyana ba yafe sakaci ba ne, don haka kalmomi irin "na yafe" da "ba laifin kowa" ba su da wuri sai in suna cikin asali, in kuwa suna ciki a ja hankalin lauyan asibitin.

A kula da wanda ke magana a takardar. Sau da yawa fassara kan fito da "na yarda a yi wa matata", saboda an saba miji ke sa hannu. Mace baliga mai hankalinta ita ce mai amincewa, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Okonkwo ta 2001 ta tabbatar da 'yancin baligi mai hankali na ƙin magani, har da ƙarin jini. A rubuta "a yi mini", a ware wa miji gurbin shaida ko na wanda aka yi shawara da shi. Ga wadda ba ta karatu, a sa layin da ke cewa an karanta mata takardar da Hausa, da sunan wanda ya karanta, da gurbin dangwala yatsa, da sa hannun shaidar da ba ya cikin masu yin aikin.

Kafin a buga, wani mai fassarar da bai ga asali ba ya mayar da Hausar zuwa harshen asalin, likita ya gwada biyun layi-layi. Wannan yana kama ɓatan ma'ana, amma ba ya nuna ko an fahimta. Don haka a karanta takardar da baki ga wasu matan da ke zuwa awo, ɗaya bayan ɗaya. Kada a tambaya "Kin gane?", domin kunya da girmama ma'aikaci za su sa a ce eh. Ungozoma ta ce, "Maman yara, in kin koma gida maigida ya tambaye ki me aka ce zai iya faruwa, me za ki gaya masa?" Idan ta amsa cewa za a fitar da uwa kamar kullum, layin cire mahaifa bai fita ba, a sake rubuta shi a gwada da wata matar. Takardar da ta tsallake wannan gwaji a fara karanta wa mata ita tun lokacin awo, kafin naƙuda ta hana su sauraro.