Babi na Bakwai: Yadda Ake Raba Kuɗin Ɗawainiya Tsakanin Kaya Iri Biyu

Mai sana'ar sabulu ya san kuɗin manja da soda da ke shiga kowane sanda, amma akwai kashe-kashen da ba su da takamaiman mai su, kamar man janareto da ladan masu wanke tukwane. Su ne kuɗin ɗawainiya.

Mu ɗauka wata ƙaramar masana'anta tana yin sabulun wanki sanda 10,000 a wata, a zubi 4 manya, tana kuma yin sabulun wanka mai ƙamshi sanda 2,000, amma a zubi 8 ƙanana, domin masu saye suna son launi da turare daban-daban. Kuɗin ɗawainiyar wata naira 600,000 ne, kuma kowane sanda lokaci ɗaya yake ci a inji.

Tsohuwar hanya ita ce a raba naira 600,000 a kan sanda 12,000, kowane sanda ya ɗauki naira 50. Lissafin yana da sauƙi, sai dai ya rufe ido ga abin da ke faruwa a ɗakin aiki, inda kafin kowane zubi sai an tsayar da inji, an kankare tukunya, an sauya mazubi, an gwada haɗi, kuma wahalar nan ɗaya ce ko sanda 2,500 za a zuba ko 250.

Hanya ta biyu, wato rabo bisa ayyuka, wadda Robin Cooper da Robert Kaplan suka yayata a ƙarshen shekarun 1980, tana fara tambayar aikin da ya jawo kashe kuɗin. A misalinmu, shirin zubi ya ci naira 360,000, gudanar da inji ya ci 240,000. Tunda zubi 12 aka yi, kowanne ya tashi a 30,000. Sabulun wanki ya ɗauki 120,000, wato naira 12 a sanda, mai ƙamshi kuwa ya ɗauki 240,000, wato naira 120 a sanda. Idan aka ƙara wa kowanne naira 20 na inji, na wanki ya zama 32, mai ƙamshi ya zama 140.

Jimilla ba ta canza ba, ashe dai sabulun wanki ne ke goye da ɗan'uwansa. Alamar hakan ita ce ka ga maƙwabcinka mai yin na wanki kaɗai yana karya farashi ba tare da asara ba, kai kuma kana ta karɓar ƙananan oda amma aljihu bai shaida ba.

Wannan hanya tana buƙatar a riƙa rubuta kowane zubi a littafi, kuma kuɗi irin na haya ba ya bin wani aiki guda. Inda girman zubin kayan biyu ya yi daidai, amsar hanyoyin ɗaya ce, don haka tsohuwar ta wadatar.

Aikin gida: idan an haɗe zubin sabulu mai ƙamshi ya koma 4, kowane zubi kuma yana nan a 30,000, nawa kowane sanda zai ɗauka?